Yadda Ake Rubuta wa Mazauna Gidan Haya Saƙo Kan Hayaniyar Dare

Gidan haya mai tsakar gida ɗaya, ƙofa ɗaya da bayi ɗaya ko biyu, wuri ne da barcin kowa yake hannun maƙwabcinsa. Idan hira ta yi dare a zaure, ko janareta ya kwana yana ruri a ƙarƙashin tagar wani, ko ana ta buga ƙofar ƙarfe har ƙarfe 1 na dare, ba a daɗewa sai ka ga an liƙa takarda a bango, an rubuta "Gargaɗi" da manyan baƙaƙe. Yawancin irin waɗannan takardu ba sa kai mako guda. Ko dai a wayi gari an yage su, ko su haifar da gaba tsakanin ɗakuna, hayaniyar kuma tana nan yadda take.

Abin da ke sa saƙo ya yi aiki shi ne ya faɗi ƙarar da ake nufi da lokacinta, ya ajiye ƙa'idar da kowa zai iya dubawa da agogo, ya bar wa masu taron wata mafita, kuma ya fito daga bakin wanda yake da ikon faɗa. Wannan jagora na wakilin mai gida ne, ko dattijon gida, ko duk wani ɗan haya da aka ɗora wa nauyin rubutun.

Ka fara sanin abin da ke tada mutane

Kafin ka ɗauki biro, ka ɗauki mako ɗaya ko biyu kana rubuta abin da ya faru kowane dare a ƙaramin littafi. Abu huɗu kawai za ka riƙa sawa: rana, irin ƙarar, lokacin da ta fara, da lokacin da ta tsaya. Kada ka rubuta ra'ayinka a kan kowa. Layi irin wannan ya isa: "Laraba, kallon ƙwallo a bakin zaure, ihu daga 9 zuwa 11, hira har 12:40, an shigo da babura biyu 12:50."

Amfanin wannan littafi shi ne yana raba abin da ake zato da abin da ke faruwa. Mutumin da aka tashe shi sau uku a mako zai rantse maka cewa kullum ne, kuma idan ka rubuta "kullum" a saƙo, wanda ake nufi zai ce ranar Litinin ma ba ya gari, shi ke nan ya sami hanyar ƙaryata sauran maganar. Amma idan ka ce dare shida cikin sha huɗu, ba shi da abin musu.

Littafin yana kuma nuna maka ainihin abin da ya kamata a hana. Sau da yawa ba hirar ce take tada mutane ba. Kunne yana sabawa da ƙarar da ke tafiya bai ɗaya, kamar gurnanin fanka ko hira ƙasa-ƙasa, amma ƙarar da ta zo kwatsam ita ce take yanke barci: ihun cin ƙwallo, shewa, buga ƙyaure, tada babur a cikin gida, jan kujerar ƙarfe a kan siminti. Ka duba ginin ma. A gidajen haya da yawa bangon da ke tsakanin ɗakuna bai kai rufin kwano ba, silin ne kawai ya rufe, don haka rediyon ɗaki na 4 yana bi ta sama ya sauka a ɗaki na 5. Tsakar gida mai siminti da bango ta ko'ina tana mayar da sauti, abin da masu hira suke ji a matsayin magana ta yau da kullum, mai kwance a ɗakin ƙarshe yana jin sa tar. Lokacin zafi kuwa, daga Maris zuwa Mayu, tagogi a buɗe suke, wasu ma a waje suke shimfiɗa, shi ya sa ƙorafi yake yawa a wannan lokaci ko da halin kowa bai canza ba.

Ka tambayi aƙalla ɗakuna uku, kowa shi kaɗai, me yake ji kuma da ƙarfe nawa. Idan ya zama mutum ɗaya ne kaɗai yake ƙorafi, kuma tagarsa ce take kallon inda ake ajiye janareta, to matsalar ta wurin ajiye inji ce, ana iya kashe ta da magana ba tare da an tara gida a kan takarda ba.

Wa zai sa hannu

Saƙon da ba suna a ƙasansa ya fi kowane saƙo haɗari. Da an ga "Daga masu kishin gida" sai a bar maganar hayaniya a koma neman wanda ya rubuta, kuma zargi yakan faɗa kan matar da aka taɓa jin ta yi mita, ko kan sabon ɗan haya. Ka sa sunanka da matsayinka.

Wanda ya fi dacewa shi ne mai gida ko wakilinsa, domin shi ne yake karɓar kuɗin haya, shi ne kuma zai iya cewa ga inda za a ajiye inji, ga lokacin rufe ƙofa. Idan mai gida yana nesa kuma ba shi da wakili a kusa, dattijon da ya fi daɗewa a gidan zai iya sa hannu, amma a kira mai gida tukuna a karanta masa, a sami amincewarsa, sannan a rubuta a cikin saƙon cewa da saninsa aka yi. Ɗan haya da ya yi gaban kansa ya kafa doka, amsar da zai samu sananniya ce: "Kai ma haya kake, yadda ka biya haka na biya."

Wanda abin ya fi shafa kada ya zama shi ne mai rubutu. Mijin mai jego da ya kwana uku bai runtsa ba, fushinsa zai fito a takarda ko ya so ko bai so ba. Ya ba da bayani, wani ya rubuta.

Magana a keɓe kafin takarda

A gida mai ɗaki goma kowa ya san wanda ake nufi. Saboda haka idan takarda ta fito ba tare da an yi masa magana ba, zai ɗauka an tozarta shi a gaban mata da yara, kuma daga nan kare mutuncinsa zai sa a gaba. Ka same shi da rana, shi kaɗai, ba a gaban abokansa ba, kuma ba a tsakiyar hayaniyar ba. Fita da dare cikin fushi ana tsakiyar kallo shi ne yake jawo cacar baki, domin ba saurayin da zai yarda a kashe masa talabijin a gaban baƙinsa.

Ga yadda dattijon gida zai iya buɗe maganar da saurayi:

"Ƙanena, zo mu zauna minti biyar. Akwai takardar da za mu fitar a kan lokacin barci a gidan nan, ta kowa da kowa ce, amma ban so ka gan ta a bango kafin ka ji daga bakina ba. Daren kallo mutanenka suna kaiwa sha biyu da rabi, ɗakin da ke kusa da zaure kuma akwai jariri. Ƙarfe nawa wasan yake ƙarewa?"

"Baba, in ba a yi ƙarin lokaci ba, kafin sha ɗaya an tashi."

"To in muka ce sha ɗaya a sallami baƙi, za ka iya riƙe wannan?"

Tambayar ƙarshe ita ce aikin. Lokacin da mutum ya furta da bakinsa ya fi saurin kiyaye shi. Idan kuma mai taron matar aure ce, misali ƙawaye suna taruwa wurinta ana kitso ko lalle har dare ana kiɗa a waya, to babbar mace a gidan ita za ta same ta, ko a yi magana da mijinta. Namiji baƙo ya tsaya ƙofar ɗakin matar wani yana yi mata faɗa, ya buɗe wata rigimar da ta fi hayaniyar girma.

Zaɓen lokaci

Ƙa'idar da ba ta da lokaci ba ƙa'ida ba ce. "A rage surutu da daddare" kowa zai fassara ta yadda ya ga dama. A Nijeriya, ƙa'idojin hana ƙara na 2009 da hukumar NESREA take kula da su sun ɗauki dare daga ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 6 na safe. Wannan ya ba ka madogara idan wani ya ce kai ka ƙirƙiro. Amma lokacin da za ka rubuta a takarda ya zama wanda gidan zai iya riƙewa da gaske.

Ɗauki misalin kallon ƙwallo. Manyan wasannin gasar zakarun Turai na daren Talata da Laraba suna farawa ƙarfe 9 agogon Nijeriya da Nijar a lokacin sanyi, su ƙare gab da 11. Idan Turai ta canza agogonta daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sai su koma farawa ƙarfe 8. Wanda ya rubuta cewa a kashe komai ƙarfe 10 a watan Disamba ya umarci mutane su tashi ana tsakiyar wasa, kuma ba za su tashi ba. Da an karya dokar a daren farko ba abin da ya faru, ta mutu. Gara ka raba lokacin gida biyu: daga ƙarfe 10 a rage sauti, a daina ihu da kiɗa, ƙarfe 11 a sallami baƙi, a kashe inji, a rufe ƙofa.

Ka tuna da safiya ma. Mai fita da asuba da yake tada babur a tsakar gida ƙarfe 5, ko mai daka da sassafe, su ma suna cikin lissafi. Sa su a takarda yana nuna wa samari cewa ba su kaɗai aka sa wa ido ba.

Ginin saƙon

Saƙon kada ya wuce shafi ɗaya, yadda mutum zai karanta shi a tsaye a zaure. Yana tafiya ne a jere kamar haka. Sallama da gaisuwa a layi ɗaya ko biyu. Sai abin da aka lura da shi, da ranaku da lokuta. Sai wanda abin yake cutarwa, ba tare da suna ba. Sai ƙa'idoji, kada su wuce biyar, kowace da lokacinta. Sai mafita ga mai son yin taro. Sai ranar da za a fara, da wanda za a samu in akwai magana. Sai sa hannu da kwanan wata.

Wuri biyu ne masu rubutu suka fi yin tuntuɓe. Na farko wurin bayanin matsala, inda ake zamewa daga ƙara zuwa hali. Kalmomi irin su "marasa tarbiyya", "'yan iska", "waɗanda ba su san darajar mutane ba" ba sa rage ƙara ko kaɗan. Mafi muni shi ne a cusa zargin shaye-shaye ko shigo da mata a cikin takardar hayaniya. Wannan ɓata suna ne a rubuce da sa hannunka a ƙasa, kuma a jihohin da ake aiki da dokar shari'ar Musulunci, jifan mutum da zina ba tare da shaidu ba ƙazafi ne mai haddin bulala 80. Idan da gaske akwai irin wannan damuwa, mai gida ake kai wa a asirce.

Na biyu wurin rufewa, inda ake son a tsorata mutane. "Duk wanda ya karya zai kwashe kayansa" magana ce da ko mai gida ba zai iya cika ta a mako ɗaya ba. Tashin ɗan haya yana da hanyarsa: takardar wa'adi, sannan kotu in ya ƙi fita, kuma a jihohi da dama mai biyan shekara wa'adinsa wata shida ne in ba a yi wata yarjejeniya daban ba. Ɗan hayan da ya san haka dariya zai yi wa takardar. Ka rubuta matakin da za ka iya ɗauka gobe kawai, wato za a sanar da mai gida, ko za a zauna gaban mai unguwa.

Game da kawo aya ko hadisi, haƙƙin maƙwabci sananne ne a wurin kowa, ambatonsa a jimla ɗaya ya wadatar. Idan aka cika takarda da wa'azi, wanda ake nufi yana jin ana ce masa ba shi da addini. A gidan da Musulmi da Kirista suke zaune tare, kamar yadda yake a unguwanni da yawa na Kaduna, Jos ko Sabon Garin Kano, a yi gaisuwar da ta haɗa kowa, kuma idan akwai waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba a yi musu kwafi da Turanci mai ɗauke da lokuta iri ɗaya.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka gida ne mai ɗaki 10. Shida na masu iyali ne, huɗu na samari. Biyu daga cikin samarin suna fito da talabijin bakin zaure a daren wasa, abokai kamar goma suna zuwa daga waje, ana tada ƙaramin janareta a lungun da ke ƙarƙashin tagar ɗaki na 2, inda mai jego take. Bayan wasa ana dafa shayi ana muhawara. Littafin wakili ya nuna dare 6 cikin 14 an wuce ƙarfe 12, sau biyu an kai 1 saura. Akwai direban babur mai iyali da yake fita bayan sallar asuba, akwai dattijo mai hawan jini, akwai yara 'yan makaranta.

Rubutun farko da yakan zo wa mutum cikin fushi shi ne irin wannan: "Gargaɗi na ƙarshe! Wasu marasa tunani sun mayar da gidan nan gidan kallo. Mun gaji. Duk wanda bai daina tara mana 'yan iska ba zai gani." Babu lokaci a ciki, babu abin da aka ce a yi, an zagi baƙin mutum, an yi barazanar da ba a fayyace ba, kuma an kira shi na ƙarshe alhali shi ne na farko. Ga yadda ya kamata ya kasance:

Sanarwa ga dukkan mazauna gida

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa da kowa, da fatan muna lafiya da iyalanmu.

A cikin mako biyu da suka wuce, dare shida ana hira da kallo a bakin zaure da tsakar gida har bayan ƙarfe 12, janareta yana aiki, ana kuma shigo da babura bayan an watse. A gidan nan akwai jariri da mahaifiyarsa, akwai marar lafiya, akwai masu fita aiki da asuba da yara masu zuwa makaranta. Ƙarar tana hana su barci.

Bayan shawara da mai gida da wasu daga cikinmu, an tsayar da waɗannan, kuma sun hau kan kowa, har da ni:

1. Daga ƙarfe 10 na dare a rage sautin talabijin, rediyo da waya yadda ba zai fita daga ɗaki ko zaure ba. Ba ihu, ba kiɗa.

2. Ƙarfe 11 a sallami baƙi, a kashe janareta, a rufe ƙofar gida. Mai dawowa bayan haka ya karɓi mabuɗi tun da rana.

3. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a kashe babur tun daga waje a turo shi ciki, haka ma wajen fita.

4. Wurin ajiye janareta ya koma fili a bayan tankin ruwa, nesa da tagogi. Kada a sa shi a ɗaki, a zaure ko a lungun da iska ba ta ratsawa.

Ba a hana kowa baƙi ko kallo ba. Wanda yake da suna, biki, walima ko wasan da zai wuce lokaci, ya sanar da ni kwana biyu kafin ranar domin a gaya wa maƙwabta, a kuma tsayar da lokacin tashi.

Za a fara aiki da wannan daga daren Asabar mai zuwa. Mai gyara ko ƙorafi ya same ni bayan sallar isha'i kafin ranar. Idan aka saɓa, zan yi wa mutum magana shi kaɗai. Idan ya maimaita, zan sanar da mai gida.

Allah ya bar zumunci, ya ba mu zaman lafiya.

Wakilin mai gida
(suna, sa hannu da kwanan wata)

Ka lura da abin da aka yi a nan. Ba a kira sunan kowa ba, amma adadin darare ya nuna ba shaci-faɗi ake yi ba. Kalmar "har da ni" ta toshe bakin mai cewa an ware wasu. Ƙa'ida ta uku ta kama direban babur mai iyali kamar yadda ta kama saurayi. An ba da 'yan kwanaki kafin a fara, domin wanda ya riga ya gayyaci abokai ya sami damar gaya musu da kansa.

Ƙa'ida ta huɗu tana bukatar kulawa ta musamman. Idan aka matsa wa mutum a kan ƙarar inji ba a nuna masa wurin da zai kai shi ba, abin da yakan yi shi ne ya shigar da shi lungu, ko bayi, ko ya lulluɓe shi da kwali ya rufe ƙofa. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, wadda take kashe mutane a cikin barci, kuma an sha rasa iyalai gaba ɗaya ta wannan hanya. Don haka kada ka rubuta "a nemi yadda za a rage ƙarar inji" ka tsaya nan. Ka zagaya gidan da mai injin ku zaɓi wuri a sarari, mai nisa da taga da ƙofa, bakin salansa yana kallon waje. Ɗora shi a kan tsohuwar taya ko katako yana rage girgizar da take bin siminti ta shiga ɗakuna. Idan gidan ba shi da irin wannan fili, to lokacin kashewa kaɗai za ka iya tsayarwa.

Isar da saƙo

Liƙawa a bango kaɗai ba ta isa ba. Ka yi kwafi ga kowane ɗaki, ka miƙa hannu da hannu da rana, ɗaki bayan ɗaki a jere, ba tare da ka fara da ɗakin masu taron ba. Sannan ka liƙa guda a zaure inda baƙi za su gani, domin mai masaukin ya sami abin nunawa ya ce dokar gida ce, ba shi ne yake korar su ba. Wannan yana sauƙaƙa masa fiye da yadda ake zato.

Ba kowa ne yake karanta boko ba, kuma matan da suke cikin ɗaki ba lallai takardar zaure ta kai gare su ba. A karanta wa wanda yake bukata, ko a naɗi saƙon da murya a waya, kalma da kalma yadda yake a takarda, a tura wa kowa. Kada a ƙara komai a cikin muryar, domin nan ne habaici yake shigowa. Idan gidan yana da zauren WhatsApp, a tura da safe, a kuma roƙi masu gyara su zo a yi baki da baki. Muhawarar da aka buɗe a waya da dare takan koma tonon tsofaffin laifuka, daga kuɗin wuta zuwa wanda bai wanke bayi ba.

Abin da takarda ba za ta hana ba

Akwai ƙarar da ba a rubuta mata doka. Kukan jariri, tarin marar lafiya, zaman makoki, mai dawowa daga aikin dare da ya buɗe ƙofa a hankali, duk waɗannan haƙuri ake yi da su. Idan ka sa su a takarda ka zubar da ƙimar sauran. Watan azumi ma yana da nasa tsarin: ana dawowa daga tarawihi, ana fita tahajjud a goman ƙarshe, ana girkin sahur tun ƙarfe 3 ko 4. Maimakon a bar dokar ta karye da kanta, a fitar da ɗan gajeren gyara kafin watan ya kama, a faɗi yadda za a yi da ƙofa da mabuɗi, a kuma ce kiɗa da ihu suna nan a hane.

Haka kuma ikon takardar yana ƙarewa ne a bakin ƙofar gida. Idan majalisar ta koma kan dakalin maƙwabta ko gaban mai shayi a titi, magana ta zama ta unguwa, mai unguwa ne zai shiga.

Yadda za ka gane ko ta ci

Ka ci gaba da littafinka mako biyu bayan ranar farawa. Daren wasa na farko shi ne gwaji. Idan an tashi 11 da minti goma, wannan nasara ce, kada ka fita da agogo a hannu. Washegari ka gaya wa saurayin cewa an ji bambanci, an gode. Alamar lalacewa ita ce lokacin yana ja da kaɗan-kaɗan: 11 da kwata, 11 da rabi, sai ga shi an koma 12. A nan ake yin magana tun a karo na biyu, a keɓe, da ranar da lokacin a bakinka.

Akwai wata alamar da ta fi wannan muni: hayaniya ta ragu amma an daina gaisawa, ko an fara buga ƙofa da gangan, ko yaran ɗakuna sun daina wasa tare. Wannan yana nufin an karanta takardar a matsayin hari a kan mutum ɗaya. Wata takardar ba za ta gyara shi ba. A tara masu ɗakuna bayan isha'i, dattijo ya jagoranta, a bar wanda yake jin an ci zarafinsa ya fara magana.

Idan kuwa mutum ɗaya ne ya nace bayan an yi masa magana sau biyu, saƙo na biyu nasa ne shi kaɗai, a cikin ambulan, kwafi ga mai gida. Gajere ne: "Malam, bayan gaisuwa. A daren Talata da daren Asabar baƙi sun kai ƙarfe 12:30 kuma inji yana aiki, saɓanin sanarwar da kowa ya karɓa. Na yi maka magana sau biyu. Mai gida ya nemi mu zauna da kai ranar Lahadi bayan la'asar." Kada a sake tara gida duka a kan laifin mutum ɗaya, domin waɗanda suka gyara za su ji an haɗa su da wanda bai gyara ba.

Daga mai gida sai mai unguwa, wanda sulhun maƙwabta aikinsa ne na yau da kullum. A Kano da wasu jihohin Arewa ofisoshin Hisba ma suna zaman sasanci irin wannan. 'Yan sanda da kotu su ne na ƙarshe, sai in an kai ga barazana ko duka, ko mai gida ya yanke shawarar bin hanyar doka don karɓar ɗakinsa. A duk waɗannan wurare abin da za a fara tambaya shi ne ko an gaya masa, yaushe, kuma wa ya shaida. Saboda haka ka adana kwafin sanarwar mai kwanan wata, da wasiƙa ta biyu, da littafin darare. Kuma komai zafin rai, kada wani ya yanke wa ɗan haya wuta, ya hana shi ruwa, ya kulle shi a waje ko ya taɓa injinsa, domin ranar da aka yi haka mai ƙorafi ne zai koma wanda ake ƙara.

Idan tsarin ya zauna, a roƙi mai gida ya sa waɗannan lokuta a cikin takardar yarjejeniyar haya, a karanta wa duk sabon mai shigowa kafin ya biya kuɗi ya karɓi mabuɗi.